Saƙon karɓar aiki: a ina zan sa maganar albashi?

Salamu alaikum. An kira ni ta waya an ce na samu aikin lissafi a wani kamfani nan Yamai, in fara ran Litinin, albashi jikka 150. Amma ba a faɗa mini ko kafin a cire haraji da kuɗin asusun fanshon ma'aikata na CNSS ba ne ko bayan an cire, ga shi babu takarda.

Sau 3 ina rubuta saƙon amincewa ina gogewa. Na farko ya cika gaisuwa da godiya har ranar farawa ta ɓace a ciki. Da na taƙaita na ambaci kuɗin, yayana ya ce kamar ina ciniki a Babbar Kasuwa.

Yaya zan haɗa rana, albashi da batun sa hannu a kwantaragi cikin layi 4 ba tare da an ga rashin kunyata ba?