Manhajar adashena ta ci tarar wanda bai makara ba

Nura: Salam 'yan uwa, a taimaka min da shawara. Na haɗa manhajar adashe, mutanena na Kano da Kumasi da Khartum da Landan, ƙa'ida a zuba kafin 12 na daren Juma'a agogon Najeriya. Waya ce ke turo lokacin zubi, ina ajiye shi a MySQL cikin `DATETIME`. Ranar Juma'a 8 ga Nuwamba 2024 wani bawan Allah a Khartum ya zuba a kan lokaci aka ci shi tara, wata baiwar Allah a Landan ta makara ba a ci ta ba. Na shi an rubuta `2024-11-09 00:30:00`, nata `2024-11-08 23:30:00`. Wallahi kunya ta ishe ni, kuɗin mutane ne.

Bashir: Wa alaikumus salam. Ka ce na Khartum ɗin ya duba agogon wayarsa, mutane da yawa da hannu suke saitawa shi ya sa.

Hauwa: A'a Malam Bashir, agogonsa lafiya lau. Khartum na gaban Kano da awa ɗaya, 12:30 ɗinsa 11:30 ce a nan, bai makara ba. Nura ka mayar da komai UTC kawai, na Najeriya ka cire awa 1, Sudan ka cire 2, Gana da Landan ka bar su yadda suke, shi ke nan.

Malam Idi: Hauwa kin kama hanya amma Landan za ta ba ki ciwon kai. Su daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba suna UTC+1, daidai da mu, shi ya sa Nura bai ga komai ba duk damina, sai 27 ga Oktoba da suka ja agogo baya da awa ɗaya abin ya fito. In kika ce Landan sifili ce kullum kin lalata lissafin wata bakwai. Sudan ma ai UTC+3 take da, a Nuwamba 2017 ta koma +2, duk wanda ya rubuta 3 da hannunsa a kod ya sha wahala a lokacin.

Nura, tushen matsalar shi ne abin da kake ajiyewa ba lokaci ɗaya ba ne, agogon bango huɗu ne ka zuba a rumbu ɗaya, kuma `DATETIME` ba ya tuna daga wane gari lamba ta zo. Tunda maganar kuɗi ce ma kar ka yarda da waya sam, saba ta buga lokacin da zubi ya iso da `UTC_TIMESTAMP()`. Sannan ka ƙara wa kowane mutum gurbin sunan yankinsa, `Africa/Khartoum`, `Europe/London`, `Africa/Accra`, `Africa/Lagos`, suna fa ba +1 ko +2 ba, da shi za ka riƙa nuna masa lokaci da agogon garinsa. Tsofaffin kuma ka gwada haka:

```sql
SELECT CONVERT_TZ('2024-11-09 00:30:00','Africa/Khartoum','UTC');
```

Zai ba ka 22:30 na daren 8 ga wata. Sha biyun daren Kano kuwa 23:00 ce a UTC, ka ga ya riga wa'adi da rabin awa, a mayar masa da kuɗinsa. Ta Landan 23:30 ɗinta 23:30 ce a UTC, ita ce ta makara da rabin awa. Ka zuba sakamakon a sabon gurbi kar ka taɓa tsohon, don in ka juya layi ɗaya sau biyu ba za ka gane ba.

Nura: Allah ya saka da alheri Malam. Na gwada amma `NULL` yake ba ni.

Malam Idi: Teburan yankunan lokaci ne ba a loda ba, in sabar Linux ce taka:

```
mysql_tzinfo_to_sql /usr/share/zoneinfo | mysql -u root -p mysql
```

Abu ɗaya da ba zai gyaru ba, in akwai zubin Landan tsakanin 1 da 2 na daren 27 ga Oktoba, wannan awar sau biyu ta zo, lambar kaɗai ba za ta faɗa maka wacce ba ce sai ka duba rasit ɗin banki. Haka wanda ya zuba yana kan tafiya, misali ɗan Kano yana Umara, wayarsa agogon Makka ta turo.

Bashir: To me zai hana ya koma `TIMESTAMP` kawai? ni shi nake amfani da shi ban taɓa samun matsala ba.

Hauwa: Don mutanenka duk 'yan gari ɗaya ne. Yana ajiyewa a UTC gaskiya, amma da `time_zone` na haɗin yake fassara abin da ka ba shi, in ka tura masa agogon Khartum saba tana kan agogon Legas zai ɗauka na Legas ne, kuskuren na nan. Ni abin da ya fi damuna ma ita ta Landan ɗin, a wayarta Juma'a ba ta ƙare ba, ko manhajar ta taɓa nuna mata cewa wa'adinta 11 ne yanzu?

Nura: Gaskiya ba ta nuna ba, 12 kawai aka rubuta. Ba zan ci tararta ba. Amma yanzu rigima ta tashi a cikinsu, 'yan Kumasi na cewa a ba kowa sha biyun garinsa, uwar adashe ta ce ita agogon Kano ta sani.