Rufe manhajar neman aure: ta ina kuka fara?

'Yar Kubwa:
Assalamu alaikum. An sa ranar aurena bayan Sallah, ina so in rabu da manhajar da nake biya duk wata, kada hotona ko hirata su rage a ciki. Waɗanda suka taɓa yi, ta ina kuka fara?

Ɗan Nyanya:
Allah ya sanya alheri. Ni cire ta kawai na yi daga waya. Wata na zagayowa, ina cikin mota a Mararaba, sai ga alat an cire kuɗi. Da na toshe katin banki na huta.

Anti ta Gwarinpa:
Toshe kati yana tsayar da kuɗin, amma sunanka da hotunanka suna nan mutane na gani. Ƙanwata, fara da soke biyan, kuma a inda kika biya. Idan ta Play Store ne, taɓa hotonki a sama, ki shiga Payments & subscriptions, sai Subscriptions, ki zaɓi manhajar ki danna Cancel subscription. A iPhone kuwa Settings ne, sai sunanki, sai Subscriptions. Goge asusu a cikin manhajar ba ya soke wannan biyan. Da na yi wa ƙawata, ba mu ga komai a jerin ba, ashe Gmail biyu ne a wayarta, da ɗayan ta biya. Muna canzawa ya fito. Alamar ya soku ita ce ki ga ranar da zai ƙare a maimakon ranar biya na gaba. Sai bayan nan ki koma manhajar ki danna Delete account, ba Pause ba, don shi Pause ɓoye ki kawai yake yi. Cire ta daga waya shi ne na ƙarshe.

Baban Yara, Lugbe:
Ni matsalata WhatsApp ce, ya cika min waya da hotuna. Haka zan bi?

Malama, Wuse:
A'a Baban Yara, taka daban ce. Amma Amarya, hirar da kuka koma yi a WhatsApp ba ta bin asusun. Delete for everyone kuma kusan kwana biyu kawai yake aiki. Wanda ya ɗauki sikirinshot, hoton na hannunsa. Ni har imel na tura wa masu manhajar su share bayanaina, don dokar kare bayanai ta 2023 ta ba mu wannan haƙƙin. Amsarsu ita ce suna riƙe wasu na ɗan lokaci saboda tsaro, kuma hakan ya dame ni sosai.

'Yar Kubwa:
Na gode Anti, na duba, babu ita a duka Gmail ɗina. Ina jin lambar kati na saka kai tsaye.

Anti ta Gwarinpa:
To kada ki goge tukuna. Nemo imel ɗin rasit ki ga wa ya karɓi kuɗin. Idan su ne, a cikin manhajar ko shafinsu za ki soke.