Libaro ya ɗaga, Nura ya buga, rafali ya busa

Abba Ƙofar Sauri: Jama'a ni dai na ce rafalin wasan ƙwallon ragarmu na jiya ya zalunce mu. Libaronmu Sani, mai tsaron bayanmu, ya ɗaga ma Nura ƙwallo, Nura ya buga ta faɗi cikin filinsu, sai ga usur wai maki nasu ne. Libaro bai buga ba, bai tsallaka raga ba, to laifin mi ya yi?

Nura Dogo: Wallahi ƙwallon nan ta yi kyau, har yanzu abin na cina

Koci Lawal: Abba ina Sani ya tsaya lokacin da ya ɗaga, kuma da mi ya ɗaga? Amsar tana nan. In libaro na gaban layin mita 3, ko da ƙafa ɗaya ce ta taka layin, ya sa yatsu ya ɗaga daga sama irin na seta mai ɗaga ma 'yan bugu, to duk wanda zai buga ƙwallon nan ba shi da damar buga ta tana gaba ɗaya sama da raga. Ɗagawar kanta ba laifi ba ce, rafali ba ya busawa sai bugun ya cika. Da Nura ya bari ta ɗan sauko har wani ɓangarenta ya yi ƙasa da bakin raga ya tura, da wasa ya ci gaba.

Abba: Koci ai seta ne ya karɓi ƙwallon farko, dole wani ya ɗaga

Koci Lawal: Ƙwarai, kuma Sani ne ya kamata. Amma ko dai ya haɗa hannu biyu ya ɗaga daga ƙasa, wannan ko gindin raga yake ba matsala, ko kuma ya tsaya bayan layi ya sa yatsunsa. Shi ya sa za ka ga manyan libarori suna tashi sama daga bayan layin su ɗaga sannan su sauka ciki, inda ƙafa ta bar ƙasa ake dubawa.

Hassan Daura: Ni abin da na sani libaro ba ya kai hari kwata-kwata, aikinsa karɓa kawai, ko tura ƙwallo can gefen bai kamata ba

Sadiya: A'a Hassan, ka wuce gona da iri. Ni libaro nake bugawa kuma na sha cin maki. In taɓawa ta uku ta zo mani zan tura ta, har tsalle zan iya yi in doka, sharaɗin dai kada ƙwallon ta kasance dukkanta sama da raga lokacin da na taɓa. Tamu ragar mita 2.24 ce, ta maza 2.43. Tarewa a raga ce ba ni da ita sam, ko yunƙurinta ma laifi ne

Bashir: To ni kau na kalli wasan 'yan mata na jami'o'in Amurka da idona libaro tana sabis, sai a ce mani haramun ne?

Koci Lawal: Ka gani daidai Bashir, can dokarsu ta ba libaro sabis a gurbi ɗaya na zagaye. Mu da dokar FIVB, hukumar ƙwallon raga ta duniya, muke wasa, kuma tun da aka shigo da libaro a 1998 ba ya sabis a wasanninta. Shi ya sa ɗan tsakiya ke yin sabis ɗinsa da kansa, sai mun rasa maki, sabis ya koma hannun abokan karawa, sannan Sani ya shiga madadinsa a lamba 1, gurbin mai sabis a baya.

Bashir: Kenan shigar nan da fitar nan ba ta cin canjinmu?

Sadiya: Ba ta ci, canji 6 na kowane zagayen wasa yana nan daram, libaro ko sau nawa ya shiga. Amma ɗan baya kaɗai yake karɓa, kuma in zai fita wanda ya karɓa ne zai dawo, ko libaro na biyu in akwai, ba kowa daga benci ba

Koci Lawal: Ku ƙara da wannan, don nan yara ke yawan faɗawa. In Sani ya fita saboda gurbinsa ya juyo lamba 4 a layin gaba, ba zai juya nan take ya karɓi wani ba, sai an buga an ci maki ɗaya tsakani. Kuma ta gaban benci tsakanin layin mita 3 da layin ƙarshe ake musayar, kafin usur na sabis.

Abba: Duk na ji Koci, amma ni ina tsaye daidai wurin, ƙafar Sani ba ta taɓa layi ba, layin ma ƙura ta cinye shi tun zagaye na biyu

Nura Dogo: Ni gaskiya ƙwallo nake kallo ban duba ƙafarsa ba

Sadiya: Yaya Abba ni daga inda nake na ga kamar yatsun ƙafarsa na kan farin. A tambayi Sani mana, yana cikin gurup ɗin nan yana karantawa ya yi shiru

Koci Lawal: Sani fito ka yi magana. Kuma ranar Asabar kowa ya zo da wuri, za mu sake shata layin da farar ƙasa kafin atisaye.