Wace kalma za mu sa wa "silin" na kasafin kuɗi?

Mai Fassara: Salamu alaikum jama'a. An ba ni takardar kira da ofishin kasafi ya aika wa ma'aikatu don su kawo ƙiyasin kasafinsu, in mayar da ita Hausa saboda taron jin ra'ayin jama'a. Na cije a kalma ɗaya, wadda 'yan ofis ke kira silin, wato adadin da aka ce kada ƙiyasin ma'aikata ya wuce. Na rubuta "kaso", amma raina bai kwanta ba.

Ɗan Kwangila: Ai silin Hausa ce tuntuni. In na katako ne ka ce rufi. Mu fa tun bara muke bin kuɗin gyaran silin wani ofis.

Mai Fassara: Allah ya fito da haƙƙinka Alhaji, amma ba na ɗaki nake nufi ba.

Tsohon Akanta: Malam, ka goge "kaso", zai jawo maka rigima. Duk wanda ya ji an ce kasonsa miliyan 60 ne, ya ɗauka kuɗin na ajiye suna jiransa. Alhali silin izinin roƙo ne kawai: ga inda za ka tsaya in kana cika fom. Bayansa akwai zaman kare kasafi, akwai majalisa da ke iya ƙarawa ko ragewa, sannan a zo ga abin da aka saki, wanda sau da yawa bai kai ba.

Kuma ba ɗaya ba ne. Albashi da nasa, kuɗin gudanarwa da nasa, manyan ayyuka da nasa. A fom za ka gane su da lamba: na albashi suna farawa da 21, na gudanarwa da 2202, na ayyuka da 23. Wata shekara an yanka mana miliyan 60 na gudanarwa, da na tattara buƙatun sassa sai suka kama 85. Sashen tafiye-tafiye kaɗai, 220201, ya nemi 30. Wani yaro a ofishinmu ya ga dabara, ya kwashe miliyan 10 na gyaran motoci ya cusa cikin manyan ayyuka tunda can akwai sarari. Jimilla ta yi kyau a ido, amma aka dawo mana da fom ɗin, don mai dubawa lamba yake bi, kuma sauya taya da juyen mai ba su zama aikin raya ƙasa ba. Dole muka zauna muka fara ware abin da ba ya ɗaguwa, wuta da ruwa da man janareta, sannan muka yanke tafiye-tafiye zuwa 14, sauran 9 muka tsinto daga bita da kayan rubutu. Ni "maƙura" nake ba da shawara.

'Yar Tsare-tsare: Baba, maƙura ta yi daɗin ji, sai dai tana nuna an kai bango, ba gaba. Silin kuwa ana ɗaga shi. Kawai a ce "ambulan", haka muke cewa a ofis, abu ɗaya ne.

Tsohon Akanta: 'Yata, rabin gaskiya kika faɗa. Ana ɗagawa, amma ba mai cika fom ke ɗagawa ba, gare shi bango ne. Abin da ya rage sai ya tafi da shi zaman kare kasafi ya yi bayani. Ambulan kuwa a bakin mutanen gari kin san abin da take nufi. A ce an ba kowace ma'aikata ambulan a gaban taro? Sai an yi dariya.

Ɗan Maraɗi: Mu ma nan Nijar ma'aikata da kalmar ambulan ta Faransanci suke kiransa. Me zai hana "iyaka"? Kowa ya san iyakar gona.

Malamar Hausa: Iyaka ita kaɗai ta yi faɗi, sai an jingina ta: "iyakar ƙiyasi". Wannan ya raba ta da kasafin da aka amince da shi, da kuma kuɗin da aka saki. Tana kuma shiga jimla ba gargada: "ƙiyasinku ya wuce iyaka da miliyan 25". Akwai "geji" ma, tunda muna cewa ya wuce geji, amma ta fi dacewa da hira.

'Yar Tsare-tsare: To jam'in fa? A matakin tarayya, tun dokar kula da kashe kuɗi ta 2007, tsarin na shekara uku ne, ga na albashi ga na ayyuka. "Iyakoki" sai ka ce maganar kwastan ake.

Malamar Hausa: Ki ce "iyakar albashi", "iyakar gudanarwa", kowacce da sunanta, kin huta da jam'i.

Tsohon Akanta: Iyakar albashi kuma? Ma'aikaci zai ɗauka an hana ƙarin girma. Wannan daga jerin sunayen ma'aikata ake lissafa ta, mataki-mataki. A ce "iyakar ƙiyasin albashi" ko da ta yi tsawo. Ni dai har yanzu ina kan maƙura.

Mai Fassara: Na gode iyayena. Na sa "iyakar ƙiyasi" a takardar, gobe zan karanta wa mai gadinmu in ji abin da zai fahimta. Saura ita kanta "takardar kira", wani ya ce min ta yi masa kama da sammaci.