Wane suna za mu ba kuɗin fansho da mai biyan albashi ke zubawa?

Magatakarda, Tudun Wada: Salamu alaikum. Kowane ƙarshen wata nakan tsamo jimloli daga rajistar albashin makarantarmu, in haɗa wa akanta taƙaitaccen bayani. Ina son kanun su koma Hausa don mai makaranta ta riƙa karantawa da kanta. Jimlar albashi da abin da aka cire ba matsala. Layin `Employer Contribution` ne ya tsaya mini. In sa "kason ma'aikata"?

Ɗan Samaru: Wa alaikumus salam. Ai duk fansho ne, ki zuba shi cikin abin da aka cire, ki huta.

Tsohon Akanta, Sabon Gari: A'a, ɗana, nan lissafi ke ɓaci. Dokar fansho ta 2014 ta ce a ciri aƙalla kashi 8 cikin ɗari daga ma'aikaci, mai biyan albashi ya ɗora kashi 10 daga aljihunsa, duka a kan tushen albashi da kuɗin gida da na mota. Wannan 10 ɗin bai taɓa shiga albashin kowa ba, ta ina za a cire shi?

A ce jimlar albashi ₦1,500,000 ce, ₦1,000,000 daga ciki ake lissafa wa fansho. An cire ₦80,000 na fansho, haraji da bashi kuma ₦120,000, malamai sun karɓi ₦1,300,000. Makaranta ta ɗora ₦100,000. In kika cusa shi cikin abin da aka cire, takardarki za ta ce ₦1,200,000 aka biya, ta banki ta ce ₦1,300,000. Duk ran da giɓin ya zo daidai da kashi 10 na kuɗin da ake lissafa wa fansho, nan za ki fara dubawa.

Malama, Kongo: Baba ya yi gaskiya. "Kason ma'aikata" kuwa haɗari ne, don a rubuce ba a bambanta ma'aikata mutane da ma'aikata wurin aiki. Mai karatu zai ɗauka na malamai ne. Me zai hana "gudummawar makaranta"?

Tsohon Akanta: Gudummawa ganin dama ce, 'yata, wannan kuwa dole ne, cikin kwana 7 na aiki bayan biyan albashi. Ni "zubin ubangida" ya fi kwanta mini, ga "zubin ma'aikaci" a gefensa. Ki haɗa su, ₦180,000, shi akanta zai nema a takardar banki.

Mai Kemis, Kwangila: Ni yarana uku ne, ashe har da ni a wannan zubin?

Malama: Wannan tambayar daban ce, Alhaji. Baba, ubangida bai dace da gwamnati ba, balle makarantar da mace ke da ita.

Magatakarda: Tamu ma ta Hajiya ce. Zan sa "zubin makaranta" a layinsa daban, ƙasa da abin da aka biya malamai. Na gode, Baba. Sunan da zai hau kowane wurin aiki fa?