Neman kalma: tambayar da ke sa budurwa ta ba da labari a wurin zance

Mai Fassara: Assalamu alaikum. Ina fassara wani ɗan rubutu kan yadda saurayi da budurwa za su yi hira ba tare da zancen ya mutu ba, sai na maƙale a kalma ɗaya. Turawa na da suna ga tambayar da ba a iya amsa ta da "e" ko "a'a", dole sai an ba da labari. In aka juya sunan kai tsaye zai zama "buɗaɗɗiyar tambaya", kishiyarta kuma "rufaffiyar tambaya". Kunnena bai karɓa ba. Rufaffen abu a wurinmu ɓoyayye ne, mai karatu zai zaci tambaya ce mai wuyar ganewa. Me za mu kira su?

Ɗan Fagge: Ai muna da ita tuntuni, Malam. Bugun ciki ke nan. Ka yi mata tambaya a kaikaice har ta saki baki.

Malamar Hausa: Wa'alaikumus salam. Ɗan Fagge, ka kusa, amma bugun ciki na da manufa a ɓoye. Mai bugun ciki wani sirri yake nema, misali ko tana da wani manemin, kuma da zarar ta gane sai ta ja bakinta. Tambayar da ake magana a kanta ba ta farautar wata amsa, duk abin da aka ba ta karɓa take yi.

Kafin suna, mu duba yadda abin yake a harshenmu, don yana da alama a fili. Dubi "kin je bikin?" da "kina son ɗinki?". Galibi in ka ji "kin" ko "kina", ko ka ji "shin" a farko ko "ko" a ƙarshe, amsar ba za ta wuce e ko a'a ba. Da zarar kalmar tambaya ta zo a farko, irin su me, wa, ina, yaushe, yaya, sai su koma "kika" da "kike": "me kika gani a can?". Saurayi na iya auna kansa da wannan. In ya waiwayi hirar jiya ya tarar duk "kin" da "kina" ya jera, to ya san dalilin da ta yi ta wasa da gefen mayafinta.

Sai dai "kika" kaɗai bai isa ba. "Ina kika je?" Zariya. "Yaushe kika dawo?" Jiya. "Su wa kika gani?" Ƙawaye. Kalma ɗai-ɗai ce amsar, kuma in ka jera uku a jere ka zama mai titsiye. Ke nan kashi uku ne a wurinmu: ta e-ko-a'a, ta kalma ɗaya, da ta labari.

Ɗan Fagge: To ai da sauƙi, Malama. Mutum ya riƙe "yaya" kawai. Yaya gida, yaya makaranta, yaya aiki.

Hajiya Mai Dillanci: A'a ɗana, nan ne samari ke faɗuwa. "Yaya aiki?" gaisuwa ce, amsarta a shirye take: da godiya. "Yaya gida?" Lafiya lau. "Ina gajiya?" Ba gajiya. Har "ina labari?" ma an riga an yanka mata amsa, sai alheri. Yarinya mai tarbiyya ba za ta taɓa ɗaukar waɗannan a matsayin neman labari ba. Sai yaro ya yi minti goma yana juya gaisuwa, ya tafi yana cewa ba ta da sakin jiki, alhali bai tambaye ta komai ba tukuna.

"Yaya" ba ta aiki sai an ɗaura ta a kan wani abu da ya faru. A ce ta je bikin ƙawarta, tana cikin masu kai amarya. Kada ya ce "biki ya yi daɗi?". Ya ce, "Da kuka kai amarya, yaya kuka ƙare da abokan ango wajen sayen baki?" Wannan dole ta yi dariya, don ba a sayen baki ba ciniki. Za ta ce sun yanka musu kuɗi, abokan ango suka ce sun yi yawa, wata a cikinsu ta tsare ƙofa ta ce ba mai fita. To a nan kada ya canza zance. Ya ɗauki abu ɗaya daga bakinta: "Wannan mai tsare ƙofar, haka take tun kuna makaranta?" Na san wannan e-ko-a'a ce, amma zancen ya riga ya kama, ba za ta tsaya a e ba. Bayan tambaya biyu ya ajiye tambaya, ya kawo nasa, ya faɗi yadda samari ke haɗa kuɗin tun a mota suna ɓoye rabi. Daga nan ne zolaya ke shigowa da kanta: "Ashe ranar tawa sai na yi tanadi, tunda ƙawayenki haka suke." In ta sunkuyar da kai tana murmushi, ya yi daidai.

Kuma ya iya shiru. In ya yi tambaya ya ƙirga biyar a zuci kafin ya sake magana. Kunya ce ke riƙe ta, tana shirya maganar ne. Wanda ya cike shirun da wata tambayar ya kashe ta farko.

Ni da za a bi tawa, "tambayar sayen baki" za a ce.

Mai Fassara: Hajiya, sunan ya yi daɗi ƙwarai. Damuwata ita ce ya manne da aure. In malamin makaranta ko ɗan jarida zai yi amfani da shi, sai ya zama abin dariya.

Sabon Shiga: Don Allah ni tawa matsalar ku duba min. Kullum in na ce mata "me ya sa ba ki kira ni ba?" sai ta ce ba komai, ta yi shiru. Ai wannan ba e-ko-a'a ba ce, me ya sa ba ta aiki?

Malamar Hausa: Ƙanena, "me ya sa" da "don me" kalmomin tuhuma ne, da su uwa ke tsare yaro in ya fasa kwano. In ka haɗa su da "ba ki" kuwa, ƙara ka shigar. "Ba komai" ita ce hanyar da mai kunya ke rufe ƙofa cikin ladabi. In dalilin wani abu kake so, ka ce "yaya aka yi": "yaya aka yi kika fara ɗinki?" zai kawo maka labarin wadda ta koya mata da keken farko da ta hau. "Me ya sa kike ɗinki?" kuwa sai ta ji kamar raina sana'ar kake yi. Batun rashin kira ka bar shi, ba na farkon hira ba ne.

Kan suna, Hausa na son ta ɗauki aiki ta mai da shi suna, kamar dafa-duka da a-ci-balbal. Shi ya sa nake ba da shawarar "tambayar ja-zance". Kishiyarta kuma "tambayar e-ko-a'a", wadda ba ta bukatar bayani.

Na Maraɗi: E-ko-a'a ta zauna, ba gardama. Ja-zance ce ban gamsu da ita ba. In an ce mutum yana jan zance, ana nufin yana tsawaita maganar da ya kamata ta ƙare, abin ƙi ne. Ga shi kuma "zance" na nufin zuwa wurin budurwa, sai a rikice. Me zai hana "tambayar tonon labari"?

Hajiya Mai Dillanci: Tono na tafiya da asiri da faɗa, Malam. Ba na son budurwa ta ji ana tonon ta.

Ɗan Fagge: To "tambayar ba-ni-labari" fa? Ta faɗi abin da take nema ƙarara.

Malamar Hausa: Wannan ta fi tawa sauƙin ganewa, na yarda. Abin lura ɗaya: sunan ne kawai, ba lafazin da za a furta ba. Saurayin da ya zauna a zaure ya ce "ba ni labari" tsurarsa, "wane labari?" za a mayar masa, nauyin hirar ya dawo kansa.

Mai Fassara: Na gode ƙwarai. Zan sa "tambayar e-ko-a'a" da "tambayar ba-ni-labari" a wannan fassarar, in ajiye ja-zance a gefe tunda Malama da Na Maraɗi ba su daidaita a kanta ba. Kashin tsakiyar nan, mai amsar kalma ɗaya irin "Zariya" da "jiya", shi ne har yanzu ba shi da suna. Wa ke da shawara?