Abin da aka tattauna kan sayar da hannun jari a kamfanin gado

Ga abin da na tattaro daga muhawararmu kan sharuɗɗan sayar da hannun jari a kamfanin 'yan uwa huɗu a Kantin Kwari, babban yaya na da kashi 55 cikin ɗari, ƙanne uku kowa 15.

1. Haƙƙin fifiko, mai kama da shufu'a: kowa ya yarda duk mai son sayarwa ya fara tallata wa 'yan uwa a rubuce, da farashi da wa'adi, misali kwana 30. Idan ƙane ɗaya zai fita, sauran su sayi kashinsa gwargwadon abin da kowa ke riƙe da shi. Farashi ne ya raba kawuna: wasu sun ce a bi tayin baƙo, wasu suka ce akanta mai zaman kansa ya yanke farashin, don ana iya haɗa baki da baƙo a kumbura kuɗin.

2. Jan ƙanana: masu rinjaye su tilasta wa sauran sayarwa tare. Nan aka fi kai ruwa rana. In aka sa rinjayen ya zama rabi, yaya shi kaɗai zai sayar da gumin mahaifinsu. Mafi yawa sun zaɓi kashi 75, sai ƙanne biyu sun goya masa baya. Ni ma nan na tsaya.

3. Bin sahu: in yaya zai sayar, ƙanne na da damar shiga cinikin da farashi ɗaya. Ba gardama.

Wani lauya ya ƙara cewa a shigar da sharuɗɗan cikin dokokin kamfani da ke wurin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, kuma magada su sa hannu kafin a rubuta sunansu a rajistar masu hannun jari.